Tsakanin Bai Kai Ba da Bai Wuce Ba

Duk wanda ya karanta lissafi a kwalejin horon malaman nan wajen 1985 ya san Malam Garzali mutumin Kura, kuma da abu biyu aka san shi: tsohuwar Besfarsa mai tari, da iya bayani. Mutum ne da zai ɗauko abin da Bature ya ɓata shafi uku a kai, ya matse shi ya zama magana ɗaya ta Hausa, wadda ko ɗalibi yana gyangyaɗi sai ta shiga kansa. Yana jin daɗin wannan baiwa tasa, in za a faɗi gaskiya ma har fiye da kima.

Asalinsa ba malamin babban lissafi ba ne. Dabarun koyar da yara ya karanta, can ya ƙware. Shekarar da aka sallami baƙi daga ƙasar nan, malamin da ke koyar da darasin jeri marar ƙarshe, wani ɗan Gana, ya tattara ya tafi cikin kwana uku, bai bar komai ba sai littafin da ya rubuta darasinsa da hannu. Aka ce Garzali ya riƙe ajin kafin a samo wani. Shekara biyu ke nan ana samo wanin.

Shi dai jeri marar ƙarshe tara lambobi ne da ba a gamawa, gaɓa bayan gaɓa. Malam Garzali yakan ce da ɗalibai, su ɗauka ruwa ne ake zubawa a randa: yau rabin bokiti, gobe rubu'i, jibi sumuni, kullum rabin na jiya. Ko shekara dubu aka yi ana zubawa, ruwan ba zai haura bokiti ɗaya ba. Irin wannan jerin shi yake cewa ya tsaya. Wani jerin kuwa, kowace irin randa ka kawo sai ya cika ta ya malala, wannan shi ne ya ɓalle. Aikin ɗalibi ya gane wane ne wane.

Akwai gwajin da ake yi don haka, littafi na kiransa ratio test, ɗalibai suka mai da shi gwajin reshiyo. Ba shi da wuya. Ka ɗauki gaɓa ka raba ta da wadda ta gabace ta, ka matsa gaba ka sake yin haka, sannan ka duba inda amsoshin nan suka dosa in tafiya ta yi nisa. A jerin rabi da rubu'i da sumuni, kullum rabi ake samu, don haka rabi suka dosa. To a nan ne Malam Garzali ya ƙera maganarsa, wadda ta zama kamar waƙa a ajin:

"In bai wuce ɗaya ba, ya tsaya. In ya wuce ɗaya, ya ɓalle."

Ɗalibai suka haddace, har a layin abinci ana tsokanar juna da ita. Rabinta na biyu gaskiya ne tsantsa. Rabin farkon ne yake da ƙwaro a ciki, mai ita kuma bai sani ba. Ya taɓa gwada ta a kan jerin ɗaya, ɗaya bisa huɗu, ɗaya bisa tara, ɗaya bisa sha shida, reshiyo ya doshi ɗaya cif, ya duba amsar bayan littafi ya ga an ce jerin ya tsaya. Daga ranar hankalinsa ya kwanta.

Su ashirin da uku ne a ajin, mata biyu. Ɗaya daga cikinsu Zuliha ce, 'yar wani ƙauye kusa da Bunkure, malamar firamare da aka ba hutun ƙaro ilimi. Ba ta cika magana ba. Ranar wata Talata dai ta ɗaga hannu.

"Malam, wannan fa? Ɗaya, rabi, sulusi, rubu'i, humusi, haka dai har abada."

Ya juya ga allo ya yi mata aikin a tsaye. Rabi a raba da ɗaya, rabi. Sulusi a raba da rabi, biyu bisa uku. Na gaba uku bisa huɗu, na gaba huɗu bisa biyar.

"Ina suka dosa?"

Aji ya ce, "Ɗaya."

"Ya wuce ɗaya?"

"Bai wuce ba."

"To?"

"Ya tsaya."

Zuliha ba ta zauna ba. Ta ce, "Malam, na ɗan tara su gida-gida jiya, sai na ga kamar ba ya tsayawa. In za a ba ni alli..."

Bai ba ta ba. Ba mugunta ba ce, shi dai ya ga saura minti biyar, kuma akwai daɗi a ce mutum yana da amsa a hannu. Ya tara mata gaɓa goma, ba su kai uku ba. Ya ce ko ashirin aka tara, da ƙyar za su haura uku da rabi.

"Kin gani? Jakin ya gaji, tsayawa zai yi. Malama Zuliha, su sulusi da humusi a bar wa Malam a gida ya yi rabon gado da su."

Aka yi dariya, don kowa ya san mahaifinta malami ne da ake kai wa rabon gado. Ita ma ta ɗan yi murmushi ta zauna. Aka kaɗa ƙararrawa. Kafin ya isa gindin dalbejiyar da yake ajiye Besfa, ya manta da zancen.

A shekarar aka kawo sabon shugaban sashe, Malam Maharazu, wanda bai daɗe da dawowa daga ƙarin karatu a Zariya ba. Ya zo da sabon tsari: wanda ya koyar da darasi ba shi zai fitar da tambayoyi ba, ba shi zai duba takardu ba. Darasin jeri kuwa shi da kansa ya ɗauka. Aka yi jarrabawa a watan Fabrairu, aka liƙa sakamako, aka sallami ɗalibai hutu. Wanda ya faɗi yana da damar sake zama sau ɗaya, in ya zo ya sa hannu a rajista. Wanda bai zo ba, karatunsa ya ƙare ke nan.

Ranar Alhamis bayan azahar, saura kwana huɗu a rufe rajistar, Malam Maharazu ya kira Garzali ofis. Takardun ajin na gabansa a ɗaure da zare.

"Malam Garzali, akwai abin da ya ɗaure mini kai. Tambaya ta huɗu, ɗalibanka ashirin da uku, amsa ɗaya suka ba ni, kuma duk ba daidai ba. Kamar sun haɗa baki."

Garzali bai ma ji wace tambaya ce ba, bakinsa ya riga shi. "Ai yaran yanzu sai haƙuri, ranka ya daɗe. Ba sa duba littafi."

Maharazu ya miƙo masa takardar tambayoyin. Ta huɗun cewa ta yi a yi gwajin reshiyo a kan jerin ɗaya, rabi, sulusi, rubu'i, a faɗi abin da gwajin ya nuna, sannan a tabbatar ko jerin ya tsaya ko ya ɓalle. Maki goma.

"Duk sun samo ɗaya, wannan daidai ne," in ji Maharazu. "Sai kuma kowa ya rubuta wai jerin ya tsaya. Alhali ka sani, in ya doshi ɗaya cif, gwajin bai ce komai ba. In bai kai ɗaya ba ne ake cewa ya tsaya. In ya wuce, ya ɓalle. A kan ɗaya kuwa shiru yake yi, sai a nemi wata hanya."

In bai kai ɗaya ba. Garzali ya maimaita maganar a ransa. Bai kai ba, bai wuce ba. Ko yaron da aka aika awo ya san ba ɗaya ba ne: kwanon da bai kai ba da saura, wanda bai wuce ba yana iya zama cif. Shi da yake taƙama da Hausa, a Hausar ya faɗi.

Ya gyaɗa kai kamar mai cewa ai kowa ya san wannan.

"Amma ga wadda ta fi ba ni takaici." Maharazu ya zaro takarda ɗaya daga tsakiya.

Garzali ya gane rubutun tun kafin ya ga lambar. Zuliha ta samo ɗaya, ta rubuta cewa gwajin bai yanke hukunci ba. Sannan ta tara gaɓoɓin gida-gida, shafi ɗaya da rabi, tsaf kamar an buga da inji, ta nuna jerin ya ɓalle. Bayan haka ta ja layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa ta soke duka. A ƙasa, da rubutun gaggawa, ta ce tun da ɗaya ne, jerin ya tsaya. A gefen shafin kuma, da fensir, ƙanana, da Hausa: bai wuce ɗaya ba.

"Abin da ta soke maki goma ne cur," in ji Maharazu. "Amma doka ce, abin da ɗalibi ya soke ba a dubawa. A nan ta ƙarar da lokacinta, tambayar ƙarshe ko taɓa ta ba ta yi ba. Talatin da bakwai ta samu, ana neman arba'in. Sauran sun yi asarar makin amma sun tsallake ta wasu wuraren, ita kaɗai ta faɗi. Ni abin da nake tambayar kaina, me zai sa mutum ya gano wannan da kansa, sannan ya soke?"

Garzali ya san abin da zai sa. Yana zaune a kujera, da hula zanna da biro biyu a aljihu. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya kyauta."

Maharazu ya ɗauko wata 'yar wasiƙa. "Jiya ta aiko da wannan. Wai ba za ta sake zama ba, za ta koma ajinta na firamare. Ran Litinin nake rufe rajista, ko na rubuta mata ba za ta samu a kan lokaci ba. Kai ne a Kura. Ka daure ka leƙa, ka ce ta zo."

Wasiƙar layi biyar ce. Layi ɗaya ne ya bi shi har gida: "Na gane kaina ba na babban lissafi ba ne, don abin da nake gani daidai sai ya zama ba daidai ba."

Ranar Juma'a da hantsi Garzali ya ɗauko littafin ɗan Gana, yana fatan ya sami wanda zai raba laifin da shi. Da farko har ya samu. Alamar nan mai kama da bakin ƙwarya a kwance, wadda ke nufin bai kai ba, ta zauna daidai kan layin takardar, sai ta yi kama da mai ƙaramin layi a ƙasa, wadda ke nufin bai wuce ba. Ya ji ɗan sanyi. Ya ce to, ai ko wane ne zai iya ruɗewa. Sai ya juya shafin.

A bayan shafin, mutumin ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa in aka sami ɗaya gwajin bai yi aiki ba, har ya ja layi a ƙasa. Ya kawo misali biyu: jerin ɗaya, rabi, sulusi, wanda ya ɓalle, da jerin ɗaya, ɗaya bisa huɗu, ɗaya bisa tara, wanda ya tsaya, dukansu kuma ɗaya suke bayarwa. Shekara biyu shafin yana nan. Garzali ya tuna ranar da ya fara karanta darasin: yana isa ƙasan shafin farko maganar tasa ta faɗo masa, ta yi masa daɗi, ya rufe littafin ya tafi yana maimaita ta. Kunya ta kama shi shi kaɗai a ɗaki, har ya kasa cin abincin da aka ajiye masa. A masallacin Juma'a ma bai san abin da liman ya yi huɗuba a kai ba.

Asabar da safe ya hau Besfa. Lokacin tumatir ne, kwanduna jere a bakin titi ana jiran motoci, wanda ya rasa mota kuma an yanyanka shi an shanya, ƙasa ta yi ja har inda ido ya tsaya. Ya sauka daga kwalta ya bi gefen babbar hanyar ruwa, yana tafe yana shirya magana. Ya shirya mai sauƙi: kwaleji ce ta aiko shi, maki uku kacal ne, ta daure ta zo. Ba ƙarya a ciki ko ɗaya. In ta zo, Maharazu zai yi mata bita, za ta ci, shi kuma sai ya gyara maganarsa a aji a hankali, ba wanda zai tuna da ta da. Har ya fara jin cewa wannan ma ai rufin asiri ne ga kowa.

Ya sami mahaifin Zuliha, Malam Isma'ila, a zauren da yake koyar da Islamiyya. Ba ɗalibai ranar, an tafi tsinkar tumatir, sai tabarmi a naɗe da baƙin allo a jingine da bango. Dattijo ne siriri, da laka a ƙafa, daga ban ruwa ya dawo. Suka gaisa, aka kawo ruwa, aka aika ciki a kira Zuliha. Ta zo da mayafi ta durƙusa daga bakin ƙofa, hannunta duk 'ya'yan tumatir.

Garzali ya zazzage maganarsa mai sauƙi, ta fito sumul kamar yadda maganarsa ta saba.

Zuliha ta ce, "Na gode, Malam, da ka taso. Amma a bar shi. Ba maki ukun ba ne. Ni in na zauna da lissafi, sai in ga abu a fili, in bi shi in bi shi, ashe ɓata nake yi. Ranar jarrabawa ma haka ya cinye mini lokaci. Wanda kansa ke yi masa haka bai kamata ya koyar da manya ba. Yara dai ina iyawa."

Malam Isma'ila ya ce, "Na yi mata magana har na gaji. Ni ban hana ta ba, ita ta hana kanta."

Shi ke nan, an gama. Ya isar da saƙo, an ba shi amsa, yana iya yin sallama ya je ya ce da Maharazu ya yi iya yinsa. Har ya dafa tabarma zai tashi. Sai ya ga ba zai iya hawa Besfar nan da wannan kaya ba.

"Allah ya gafarta Malam, ban faɗi abin da ya kawo ni ba." Ya koma ya zauna. "Abin da ta soke a jarrabawa shi ne daidai. Abin da ta rubuta a madadinsa, wanda ya kayar da ita, ni na koya mata. Kuskure ne. Ta nuna mini a aji, na sa aka yi mata dariya."

Ana jin injin ban ruwa daga nesa.

Akwai guntun alli a kan taga. Ya ɗauka ya miƙa mata. "Ranar nan kin nemi alli ban ba ki ba. Ki nuna mana gida-gidan."

Ta dubi mahaifinta, ya ɗaga mata kai. Ta goge hannu a gefen zane ta karɓa. Ta rubuta ɗaya, ta rubuta rabi, ta ja layi.

"Baba, sulusi da rubu'i. Wanne ya fi?"

"Sulusi."

"To in rubu'i biyu rabi ne, sulusi da rubu'i fa?"

"Sun ɗara rabi," in ji dattijon. Ya gyara zama, an shigo gonarsa.

"Sai huɗun da ke biye. Humusi, sudusi, subu'i, sumuni."

"Ƙaraminsu sumuni. Sumuni huɗu rabi ne. Su ma sun ɗara."

"Takwas na gaba, ƙaraminsu ɗaya bisa sha shida, takwas ɗinsa rabi ne. Sha shida na gaba ma haka. Gidajen suna ƙara tsawo, amma ba sa ƙarewa, kuma kowane gida sai ya ba da fiye da rabi."

"Wanda kullum ake ƙara masa rabi ai ba shi da iyaka," in ji Malam Isma'ila. "Sai dai a daɗe." Ya juyo wurin baƙonsa. "To shi gwajin naku ƙarya ya yi?"

"Bai yi ƙarya ba, Allah ya gafarta Malam. Shiru ya yi, ni na sa masa magana a baki." Garzali ya tashi ya ɗauki wani guntun alli ya rubuta a ɗaya gefen allon: ɗaya, ɗaya bisa huɗu, ɗaya bisa tara, ɗaya bisa sha shida. "Wannan ko an shekara ana tarawa ba zai kai biyu ba, ya tsaya. Wancan nata ya ɓalle. Amma in aka yi musu gwajin, dukansu ɗaya suke dosa. Ashe in ɗaya ta fito, ba a san komai ba tukuna, sai an sake dabara irin tata. In bai kai ɗaya ba ne ya tsaya. Ni kuma na ce in bai wuce ba."

Zuliha tana kallon allon. Ta ce, kamar da kanta take magana, "Abin da ya riƙa ruɗa ni, kowanne a cikinsu bai kai ɗaya ba. Rabi, biyu bisa uku, uku bisa huɗu."

"Ba su ake tambaya ba, inda suka dosa ake tambaya. Shi kuwa ɗaya ne cif. Kin rubuta haka a takardarki, na gani da idona."

Malam Isma'ila ya daɗe yana shafa gemu. Ba faɗa a fuskarsa, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi.

"Malam Garzali, ka kyauta da ka zo da ƙafarka, ba kowa zai iya ba. Mu a nan, in malami ya gane ya biya wa ɗalibi wasali ɗaya ba daidai ba, ba ya aike. Bin su yake yi ɗaya ɗaya har inda suke, don kowannensu zai je ya biya wa wasu. Mutum nawa ka biya wa wannan?"

"Bana ashirin da uku. Bara ashirin da shida." Na bara sun riga sun fita, suna makarantu daga Dawakin Kudu har inda bai sani ba.

"To Allah ya ba ka ikon bin su."

"Amin."

Dattijon ya dubi 'yarsa. "Ke kuma kin ji. Kanki lafiya lau yake."

Zuliha ta ajiye allin a kan taga. Idonta ya kawo ruwa amma ba ta yi kuka ba.

"Malam, ranar jarrabawa sau uku na bi aikin nan daga sama har ƙasa, ina neman inda na kuskure, ban gani ba. Sai na ji muryarka, da ta aji suna amsawa. Na ce Malam ba zai yi kuskure ba, mutum ashirin da biyu kuma ba za su yi dariya a banza ba. Na soke."

Garzali ya sunkuyar da kai.

"Wata guda ke nan," in ji ta, "ko kwandunan Baba na ƙirga sai na sa wani ya sake ƙirgawa."

"Ki yafe mini, Zuliha."

"Na yafe, Malam. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ya ji wani abu ya ɗan sauka daga ƙirjinsa. Nan take tsohon halin ya motsa, ya fara lissafin yadda zai gyara: zai ware mata awa biyu kullum kafin jarrabawar, zai bi darasin da ita shafi shafi, gaba da baya, har ma wata sabuwar magana ta fara haɗuwa a kansa, mai gaɓa uku, wadda ta fi ta da daɗi.

"To ran Litinin za ki zo? Bitar kuma ki bar mini, ni da kaina zan..."

"Zan zo in sha Allahu, da sassafe." Ta sunkuyar da kai. "Sai dai ina roƙon alfarma ɗaya. A bar ni in yi bitar a wurin Malam Maharazu."

Malam Isma'ila ya ɗan motsa, kamar zai tsawata mata, sai kuma ya fasa.

"Ba fushi ba ne, Malam, wallahi," in ji ta. "Kai ka fi kowa iya bayani a kwalejin nan. Shi ya sa. In kai ne a gaban allo, ko na ga daidai, sokewa zan yi."

Malam Garzali ya dubi allon, rubutunta a gefe ɗaya, nasa a ɗaya gefen. Zai zama dole ya gaya wa Maharazu dalili, ran Litinin, a ofishin da ya ce yaran yanzu ba sa duba littafi. Shi da ke matse shafi uku su zama magana ɗaya, ya laluba ko'ina bai sami wadda ta wuce wannan ba.

Ya ce, "To."